Harajin Gida da Kuɗin Hayar Ƙasa: Abin da Kan Biyo Bayan Shekaru Ba a Biya Ba

1.0 Gabatarwa



Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba wasu kuɗi iri biyu da hukuma take nema kowace shekara daga mai gida a biranen Nijeriya, watau harajin gida da kuɗin hayar ƙasa, sa'an nan a bi diddigin abin da kan faru idan aka yi shekaru ba a biya su ba. Yawancin masu gidaje kan haɗa biyun su kira su haraji kawai, har wasu dattawa a Kano da Kaduna kan ce ai an soke haraji tun 1979. Abin da gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke a wannan shekara harajin kai ne da jangali. Kuɗin da suka rataya a kan fili da gini suna nan.

Abin da nake so in tabbatar shi ne, waɗannan kuɗi biyu asalinsu daban ne, don haka ƙarshen wanda ya ƙi biyansu ma daban ne. Wanda bai biya harajin gida ba bashi ya hau kansa, za a bi shi kamar yadda ake bin mai bashi. Wanda bai biya kuɗin hayar ƙasa ba kuwa ya karya sharaɗin da aka ba shi filin a kansa, ana iya raba shi da filin da abin da ya gina a kai, ko da bashin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na darajar gidan ba. Zan kafa hujja da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, da abin da ya faru a Abuja a 2025, da kuma misalin wani gidan gado da zan lissafa dalla-dalla.

2.0 Asalin kuɗin hayar ƙasa

Ba a iya fahimtar wannan kuɗi sai an fara amsa tambaya guda: ƙasar ta wane ne? Bayan Turawa sun ci ƙasar Arewa, an kafa kwamiti a Landan a 1908, zamanin Gwamna Girouard, domin ya duba sha'anin ƙasa. Shawararsa ce ta haifi dokar 1910, wadda ta sa dukkan ƙasar Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna, ya riƙe ta domin amfanin 'yan ƙasa. Abin da Gwamna yake bai wa mutum izini ne na zama da amfani, a kan ya riƙa biyan haya. Dokar 1916 ta maye gurbin ta 1910, ta 1962 kuma ta maye gurbin ta 1916, amma tushen bai sake ba. Da gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa ranar 29 ga Maris 1978, wannan tsari na Arewa ta ɗauka ta shimfiɗa wa ƙasar baki ɗaya. An kuma cusa dokar cikin tsarin mulki, na 1979 da na 1999, yadda ba a iya gyara ta sai ta hanyar da ake gyara tsarin mulkin kansa.

Sashe na 1 na dokar ya damƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamnanta bisa amana. Sashe na 5 ya ba shi ikon ba da haƙƙin riƙon fili, da neman haya a kansa, da sake duba hayar lokaci lokaci. Takardar da ake ba mutum shaida, wadda jama'a suka fi sani da satifiket, bisa al'ada takan ɗauki shekara 99 idan filin na gidan zama ne. Sashe na 10 kuwa shi ne ƙashin bayan zancenmu, domin ya ce kowane satifiket ana ɗaukarsa yana ƙunshe da alkawarin mai shi cewa zai biya hayar da Gwamna ya yanka, da duk wadda aka yanka daga baya sa'ad da aka sake dubawa. Watau ko an rubuta wannan sharaɗi a jikin takardar ko ba a rubuta ba, yana nan.

Akwai wata ƙa'ida a sashe na 16 da ya kamata a lura da ita. Wajen yanka haya, Gwamna zai duba abin da aka yanka wa filaye irinsa na kusa, amma ba zai sa darajar abin da mai filin ya kashe a kansa cikin lissafi ba. Saboda haka mutum biyu masu filaye daidai wa daida a layi guda, ɗaya ya ta da bene hawa uku, ɗaya ya yi ɗaki biyu da zaure, hayar ƙasarsu ɗaya ce in dai amfanin da aka ba da filayen dominsa ɗaya ne. Abin da ake dubawa shi ne faɗin filin, da unguwar da yake, da kuma ko na zama ne ko na kasuwanci ko na masana'anta. Wannan ne dalilin da ya sa kuɗin yakan zama kaɗan ainun in an gwada shi da darajar gida, ƙanƙantarsa kuwa ita take sa a manta da shi.

3.0 Harajin gida

Harajin gida ya bi wata hanya dabam. Shi ginin ake yi wa kima, yawanci ta hanyar ƙiyasta abin da zai kawo na haya a shekara, sa'an nan a ɗauki wani kaso daga ciki. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya sa kimanta gidajen jama'a domin wannan haraji cikin ayyukan ƙaramar hukuma, bisa ma'aunin da Majalisar Dokokin jiha ta tsara. Kano ce ma ta zama sanadin fayyace wannan iyaka. Gwamnatin jihar ta taɓa ba wani kamfanin masu kimanta gine-gine, Knight Frank da Rutley, kwangilar kimanta gidaje, da rikici ya kai Kotun Ƙoli sai ta yanke hukunci a 1998 cewa aikin na ƙananan hukumomi ne, jiha ba ta da ikon ba da kwangilarsa.

Ke nan mai gida a birni yana da masu bin sa biyu, kowa da littafinsa. Ma'aikatar ƙasa ta jiha, ko hukumar da take riƙe mata bayanan filaye kamar KANGIS a Kano da KADGIS a Kaduna da AGIS a Abuja, ita take lissafin hayar ƙasa. Ƙaramar hukuma kuma take lissafin harajin gida. Rasidin ɗaya ba ya wanke bashin ɗaya. Sau da yawa mutum kan fito da tarin rasidai na shekara da shekaru yana rantsuwa bai taɓa fashin biya ba, a duba a tarar duk na ƙaramar hukuma ne, fayil ɗinsa na ma'aikatar ƙasa kuwa ba a taɓa shi ba tun ranar da aka ba shi satifiket.

Jihar Legas ta nemi maganin wannan ruɗani a 2001, ta haɗe hayar ƙasa da harajin gida da kuɗin kyautata unguwa suka zama caji guda, aka sake dokar a 2018 da 2020. Tarar jinkiri a can hawa hawa take bisa yawan kwanaki. Dokar 2018 ta sa ƙarin kashi 25, da 50, da 100 cikin ɗari, ta 2020 ta rage su zuwa 10, da 20, da 50.

Idan harajin gida ya taru, matakan da aka saba bi su ne a aiko da takardar neman biya, a ƙara tara, a kai ƙara kotu, in kotu ta yarda a kama kayan mai bashi a sayar, ko a karɓi hayar gidan daga hannun 'yan haya har bashin ya biya. Ko mai gida ne zai biya ko wanda yake zaune a ciki, wannan ya danganta da dokar kowace jiha. Abin lura shi ne, ƙaramar hukuma ba ta da ikon soke satifiket da Gwamna ya bayar. Iyakarta ta bi kuɗinta, in ta samu magana ta ƙare.

4.0 Hanyoyi biyu na Gwamna

A kan hayar ƙasa dokar 1978 ta buɗe wa Gwamna ƙofa biyu. Ta farko tana sashe na 42, inda aka ce babban jami'in ƙasa na iya kai ƙarar mai bashi gaban majistare domin a karɓo kuɗin. Wannan bin bashi ne kurum, fili yana nan hannun mai shi. Ta biyu tana sashe na 28, ƙaramin sashe na 5, inda aka ba Gwamna ikon soke haƙƙin riƙon fili idan an karya ɗaya daga sharuɗɗan da sashe na 10 ya ce satifiket yana ƙunshe da su. Mun riga mun ga biyan haya yana cikinsu. Dokar ba ta faɗi yawan shekarun da bashi zai kai kafin a soke ba, ba ta kuma faɗi yawan kuɗin ba. Ba ta ce sai an gwada ƙofar farko kafin a shiga ta biyu ba.

Abubuwa uku ne suka sa wannan sokewa ta fi ta neman fili domin aikin gwamnati zafi. Na farko shi ne diyya. Idan an karɓi fili domin a yi hanya ko asibiti, sashe na 29 ya wajabta a biya mai shi darajar gininsa. Wannan sashe ya lissafa irin sokewar da ake biya wa diyya, bai kuwa ambaci sokewa saboda karya sharaɗi ba. Na biyu, sashe na 32 ya ce sokewa ba ta kashe bashin da gwamnati take bi, watau mutum na iya rasa gidan kuma a ci gaba da bin sa hayar shekarun da suka wuce. Na uku, sashe na 18 ya ce karɓar haya daga hannun mutum ba ta nuna Gwamna ya yafe laifin karya sharaɗin da ya riga ya auku. Saboda haka wanda ya ji labarin an soke filinsa ya ruga banki ya zuba kuɗin, rasidin da aka ba shi bai mayar masa da filin ba. Sai an ba shi takardar janye sokewa daga hannun wanda yake da ikon yin haka.

Duk da wannan, fili ba ya faɗuwa da kansa don shekaru sun taru. Ƙananan sassa na 6 da na 7 na sashe na 28 sun ce sai jami'in da Gwamna ya wakilta ya sa hannu a takardar sokewa, a kuma isar da sanarwa ga mai riƙon filin, haƙƙinsa kuwa ba ya mutuwa sai ranar da sanarwar ta same shi ko wata rana ta gaba da aka ambata a cikinta. Sashe na 44 ya zayyana yadda ake isarwa: a miƙa masa hannu da hannu, ko a bar ta a mazauninsa na ƙarshe da aka sani, ko a aika ta gidan waya da rajista, in kamfani ne a kai babban ofishinsa, in kuwa an yi bincike ba a gano sunansa ko inda yake ba, a ba wani da yake cikin gidan ko a manna ta a inda kowa zai gani. Kotun Ƙoli ta tsananta a kan wannan. A shari'ar Osho ta 1991, da ta kantin littattafai na CSS ta 2006 wadda ta taso daga Jihar Ribas, ta nuna cewa sokewar da ba a bi ƙa'idar sanarwa ba banza ce, kuma bugawa a gazet ba ta isa ta tsaya a madadin isar da takarda ga mai fili.

To, amma wane ne mai riƙon fili a idon doka? A nan ne gizo yake saƙa. Fassarar da dokar ta bayar ta fitar da wanda ya sayi fili ba tare da an mayar da shi sunansa bisa ƙa'ida ba, ta kuma fitar da wanda aka jinginar wa filin, kamar banki. Sashe na 22 ya ce ba a sayarwa ko jinginarwa sai da yardar Gwamna. A garuruwanmu kuwa an saba a yi ciniki gaban dillali da mai unguwa da shaidu, a miƙa satifiket mai ɗauke da sunan mutumin farko, a tashi. Gida kan bi hannu uku ko huɗu a haka. Ranar da za a aika da sanarwa, sunan da yake cikin fayil za a rubuta, a kai ta adireshin da ya bayar shekara talatin da suka wuce. Hukuma ta cika ƙa'ida, wanda yake cikin gidan bai san abin da ake ciki ba.

5.0 Abin da ya faru a Abuja a 2025

A Birnin Tarayya ikon da Gwamna yake da shi a jiha yana hannun Shugaban Ƙasa, shi kuma ya wakilta Ministan birnin. Sharaɗin takardun filaye a can shi ne a biya haya ranar 1 ga Janairu kowace shekara, ba sai an nema ba. A watan Maris 2025 hukumar birnin, ƙarƙashin Minista Nyesom Wike, ta bayyana cewa filaye 8,375 a tsofaffin unguwanni, watau Tsakiyar Birni da Garki da Wuse da Maitama da Asokoro da Guzape, ana bin su kusan naira biliyan 6.97. Daga ciki aka soke takardun 4,794 waɗanda bashinsu ya kai shekara 10 ko fiye, wasu har shekara 43. Sauran aka ba su kwana 21 su biya.

Ranar 26 ga Mayu 2025 jami'ai suka fara rufe gine-ginen da abin ya shafa, cikinsu har da hedikwatar jam'iyyar PDP da ke Wadata Plaza, da wani ofishin hukumar tara haraji ta tarayya, da banki, da gidan mai. A wannan rana Shugaba Tinubu ya sa baki aka ba da wa'adin kwana 14, bisa sharaɗin a biya bashin duka tare da tara: naira miliyan 5 a Tsakiyar Birni, miliyan 3 a Maitama da Asokoro da Wuse II da Guzape, miliyan 2 a Wuse I da Garki.

In muka raba biliyan 6.97 gida 8,375, za mu ga matsakaicin bashin kowane fili bai wuce naira 832,000 da 'yan kai ba, a unguwannin da ake cinikin gida da ɗaruruwan miliyoyi. Tarar Tsakiyar Birni ta ninka wannan matsakaici sau shida. Daga nan za mu gane abu biyu. Rashin kuɗi ba shi ne ya hana yawancin waɗannan mutane da hukumomi biya ba, sakaci ne da ganin cewa an daɗe ba a tambaya ba. Kuma ma'aunin shekara 10 da aka yi amfani da shi shawara ce ta masu mulki, ba ya cikin dokar, don haka wani Gwamna na iya ɗaukar shekara biyar ko uku.

Lauyoyi sun yi ta muhawara a kan wannan mataki. Masu suka suna cewa tun da sashe na 42 ya tanadi hanyar bin bashi, bai dace a ƙwace dukiyar miliyoyi a kan bashin dubbai ba, kuma jerin sunaye a jarida ba shi ne sanarwar da sashe na 44 yake nufi ba. Masu goyon baya suna cewa lafazin sashe na 28 a fili yake, kuma sashe na 44 na tsarin mulki, wanda ya hana karɓe dukiya ba diyya, shi kansa ya keɓe dokokin da suka shafi tilasta biyan haraji da sha'anin haya. A ganina hujjar masu suka ta fi ƙarfi a kan sanarwa, ta masu goyon baya ta fi ƙarfi a kan ikon sokewa. Wanda duk ya je kotu, abin da zai fi cetonsa shi ne ya nuna ba a isar masa da takarda yadda doka ta ce ba.

6.0 Misalin gidan gado

Bari mu ƙaddara wani gida domin mu ga yadda lissafin yake tafiya. Alkaluman da zan kawo na misali ne, ba na wata jiha ba ne. Wani ɗan kasuwa ya sami fili mai faɗin mita 30 da tsawon mita 30, watau murabba'in mita 900, aka ba shi satifiket a 1985. Ya biya haya har 2004, ciwo ya kwantar da shi, ya rasu a 2007. Ya bar mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya. Ba a raba gidan ba, aka zuba 'yan haya, babban ɗa yana karɓar kuɗi yana rabawa, yana kuma biyan ma'aikatan ƙaramar hukuma duk shekarar da suka zo. A farkon 2025 magada suka shirya sayarwa, aka taya naira miliyan 60, lauyan mai saye ya je ma'aikatar ƙasa binciken fayil.

Rasidin ƙarshe na marigayi ya nuna naira 5 a kan kowane murabba'in mita, watau 4,500 a shekara. Magada suka lissafa shekara 20, daga 2005 zuwa 2024, suka sami 90,000. Amma an sake duba haya sau biyu a tsakani, kowace shekara kuwa da ma'aunin da yake aiki a cikinta ake lissafa ta. Daga 2005 zuwa 2011, shekara 7 a kan 4,500, ya kama 31,500. Daga 2012 zuwa 2018 ma'auni ya koma naira 20, watau 18,000 a shekara, shekara 7 ya kama 126,000. Daga 2019 zuwa 2024 ya koma naira 50, watau 45,000 a shekara, shekara 6 ya kama 270,000. Jimla 427,500, kafin a ɗora tarar jinkiri. Bashin ya kusa ninka abin da suka zata sau biyar, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasa ya taru ne a shekara shida na ƙarshe. Duk da haka bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na miliyan 60 ba.

In binciken ya nuna ba a soke ba, sha'anin mai sauƙi ne, ko da yake ciniki zai tsaya. Ma'aikata ba za ta ba da yardar Gwamna a kan sayarwa ba sai an share bashi, kuma sai magada sun kawo takardar kotu mai nuna su ne magada kafin a yi mu'amala da su. Wajen rabon nauyin bashin kuma akwai abin lura ga masu rabon gado. Hayar 2005 zuwa 2007, naira 13,500, bashin mamaci ne, daga dukiyarsa ake fitar da shi kafin a raba, kamar kowane bashi. Sauran 414,000 ya taru ne bayan gida ya zama na magada, don haka adalci shi ne kowa ya ɗauka gwargwadon rabonsa, musamman da yake a kan wannan rabo suka ci hayar gidan.

In kuwa binciken ya nuna an soke tun wasu shekaru, tambayoyin da lauya zai bi su ne: wa ya sa hannu a takardar, yana da wakilcin Gwamna? Da sunan wa aka rubuta ta, ina aka kai ta, akwai shaidar isarwa a cikin fayil? Wane dalili aka ambata? Sa'an nan, mafi muhimmanci, an riga an ba wani filin? Muddin ba a ba kowa ba, ƙofar roƙo a buɗe take, domin sashe na 5 ya ba Gwamna ikon yafe sharaɗi ko ƙara wa'adi, abin da aka gani a Abuja ke nan. Da zarar an ba wani kuwa, magana ta zama ta mutum uku, sai kotu. Jinkiri a nan yana da haɗari. Da a ce marigayin ya jinginar da gidan ga banki, bankin ma zai wayi gari da takardar da ba ta tsaya a kan komai ba, shi ya sa bankuna kan nemi rasidin hayar ƙasa kafin su ba da rance.

Ta yaya magada za su gane da wuri cewa suna cikin wannan hali? Alamun a bayyane suke. Rasidin da ba ya ɗauke da lambar fayil ko lambar satifiket ba na hayar ƙasa ba ne. Satifiket mai sunan mamaci ko sunan wanda ya sayar yana nufin duk wata sanarwa wani wuri za ta tafi. Shekaru kuma su wuce ba a ga takardar neman biya ba, wannan ba ya nuna babu bashi, ya fi nuna cewa adireshin da ke cikin fayil ya mutu.

7.0 Kammalawa

Laifin taruwar irin wannan bashi ba na masu gidaje kaɗai ba ne. Hukumar da ta bar bashi ya taru har shekara 43 ta koya wa jama'a cewa ba a biya, ranar da ta farka kuwa ba daidai ba ne ta fara da hukunci mafi tsanani. Ina ba da shawara uku. Ta farko, jihohi su tsara matakai a rubuce, a fara da takardar neman biya, a bi da ƙara gaban majistare bisa sashe na 42, sokewa ta zama ta ƙarshe, a kuma faɗi yawan shekarun da za su kai ga haka domin kowa ya sani. Ta biyu, kowace sanarwa a kai kwafinta gidan da abin ya shafa a manna a ƙofa, ko da an aika wa sunan da ke fayil, domin mai saye da magaji da ɗan haya su gani. Ta uku, alƙalan da suke rabon gado su riƙa neman takardar bayanin bashin hayar ƙasa daga ma'aikata kafin su raba gida mai satifiket, kamar yadda suke tambayar sauran basussukan mamaci, a kuma rage kuɗin mayar da suna ga magada domin su daina barin fayil da sunan wanda yake kabari.

Na bar wa malamanmu na shari'a da ke wannan zaure wata tambaya da nake fata za a tattauna: idan an soke haƙƙin riƙon fili saboda bashin 427,500, aka kuma ba wani filin da ginin miliyan 60 a kansa, rarar darajar ginin haƙƙin wane ne?